Garejin kamfanin inshora ko naka bakaniken: idan gyara ya ɓaci, wa za a kama?

Mai motar da ya sayi cikakkiyar inshora, wato wadda ke biyan ɓarnar motarsa ba ta mutumin da ya buga kaɗai ba, yakan ɗauka cewa ranar da ya yi haɗari wahalarsa ta ƙare da zarar kamfani ya ce ya amince zai biya. A gaskiya a ranar ne ake ajiye masa tambayar da ta fi nauyi. Ma'aikacin sashen biyan diyya zai ce masa: ko ka kai motar ɗaya daga cikin garejojin da muke aiki da su, ko ka kawo mana ƙiyasin kuɗi daga wurin mai gyaranka mu duba mu biya ka. Yawancin mutane suna amsawa ne da tunanin wanda ya fi iya aiki ko wanda ya fi sauri. Kaɗan ne ke lura cewa amsar da suka bayar ita ce za ta nuna wanda za su bi idan bayan wata biyu fenti ya fara ɓarewa, ko mota ta riƙa jan hannun hagu.

Kafin a shiga ciki, a san cewa wannan zaɓi ba na kowa ba ne. Inshorar da doka ta tilasta wa kowane mai mota a Nijeriya, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun 1 ga Janairun 2023, ba ta gyara motar mai ita. Aikinta biyan wanda ka yi wa ɓarna, kuma a ɓangaren dukiya iyakarta naira miliyan 3. Wanda ake gyara wa tasa motar shi ne mai cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kuɗinta a shekara kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Mai motar miliyan 8 ke nan yana biyan aƙalla naira 400,000 kowace shekara. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ya cancanci ya san abin da ya saya.

A cikin takardar yarjejeniyar irin wannan inshora akwai wani sharaɗi da kusan kowane kamfani ke sakawa, har da masu tsarin takaful. Sharaɗin yana cewa idan mota ta lalace, kamfani ne ke da zaɓin ko ya gyara ta, ko ya musanya ta, ko ya biya kuɗin ɓarnar. Mutane suna karanta shi su wuce, alhali a kansa komai ya rataya, domin gyarawa daban, biyan kuɗi daban, kuma doka ba ta ɗauke su abu ɗaya ba.

Idan kamfani ya zaɓi biyan kuɗi, alkawarinsa shi ne kuɗin. Da ya tura su asusunka ka sa hannu a takardar sallama, ya sauke nauyin da ke kansa. Kai ne ka ɗauki mai gyara, kai ka yi ciniki da shi, kuma yarjejeniyar aikin tsakaninku ce ku biyu. Idan ya yi aikin banza, kamfani zai ce maka bai san shi ba, kuma gaskiyarsa ce. Amma idan kamfani ya zaɓi gyarawa, ya tura motar garejinsa, ya ba da umarnin aiki, ya biya garejin kai tsaye, to alkawarinsa ya koma na miƙa maka motar da aka mayar yadda take kafin haɗari. Garejin hannunsa ne da ya yi aiki da shi. Wanda ya ba tela ɗinkin rigar da ya yi maka alkawari ba zai kawo ta da hannu ɗaya gajere ya ce ka je ka nemi telan ba.

Wannan ƙa'ida tsohuwa ce. A shekarar 1859 wata kotu a Ingila ta yi shari'ar Brown da kamfanin Royal Insurance. Gobara ta ci wani gini, kamfanin ya ce shi zai gyara maimakon ya biya kuɗi, sai hukuma ta sa aka rushe ginin saboda ya zama haɗari, abin da ya sa aikin ya fi ƙarfin abin da kamfanin ya zata. Kotu ta ce tunda ya riga ya zaɓi gyara, ba shi da damar ja da baya: ko ya cika, ko ya biya diyyar saɓa alkawari. Kotunan Nijeriya sun gaji dokar gama-gari ta Ingila, saboda haka wannan hujja ce da lauya zai iya tsayawa a kanta a nan. A Birtaniya ta yau ma, hukumar da ke sasanta rikicin masu inshora da kamfanoni tana ɗora wa kamfani alhakin aikin garejin da shi ya tura mota.

Matsalar ita ce a wurinmu sau da yawa abin ba ya zuwa a fayyace haka. Akwai hanya ta uku da ke tsakani, kuma ita ce ta fi cutar da mutane. Ma'aikaci ya kira ka a waya ya ce, ga sunayen garejoji uku, mun san aikinsu, je ka ɗaya. Ka je, a yi ƙiyasi, kamfani ya amince, sannan ya turo kuɗin asusunka, kai ka miƙa wa garejin. A zuciyarka garejin kamfani ne ya yi aikin. A takarda kuwa kuɗi aka biya ka, ka sa hannu ka karɓa, kai ka ba da aikin. Ranar da ka koma da ƙorafi za a ce maka shawara kawai aka ba ka. Shi ya sa kafin mabuɗi ya bar hannunka ya kamata ka nemi amsar tambayoyi biyu a rubuce, ko da ta saƙon imel ne: wa ke ba garejin umarnin fara aiki, kuma wa zai biya shi. Idan amsar duka biyun kamfani ne, ka sa su ƙara layi ɗaya da ke faɗin tsawon garantin aikin da wanda za ka tuntuɓa idan wani abu ya taso. Ma'aikacin da ya ƙi rubuta wannan ya riga ya gaya maka matsayinka.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman na kwatance ne, amma matakan haka suke tafiya.

Wani ma'aikaci a Kano yana da Toyota Corolla da aka yi wa inshora a kan naira miliyan 8. Ya daki bayan wata motar a mahaɗar hanya. Bamba ta fashe, bonet ya lanƙwashe, fitila ɗaya ta tarwatse, lagireto ya tsage yana zubar da ruwa. Abu na farko da ya yi daidai shi ne bai tuƙa ta zuwa gida ba, ya nemi motar ja. Yarjejeniyar inshora takan ce idan aka ci gaba da tuƙa motar da ta lalace kafin a gyara, duk ɓarnar da ta ƙaru a kan mai ita take, kuma injin da ya ƙone saboda rashin ruwa ya fi duk sauran tsada. Ya ɗauki hotuna, ya sanar da kamfani a ranar, bai bar kowa ya kwance ko ƙusa ɗaya ba. Wannan ma sharaɗi ne: gyaran da aka fara kafin injiniyan kamfani ya ga motar yana iya zama dalilin ƙin biya.

A ce ya zaɓi bakanikensa na shekaru. Bakanike ya zagaya Kofar Ruwa ya ji farashin kaya, ya rubuta ƙiyasin naira 1,200,000. Injiniyan kamfani ya zo ya duba, ya ce bonet ɗin zai bugu ba sai an saya ba, ya rage kuɗin aiki, ya tsayar da 950,000. Daga nan aka cire kason da yarjejeniya ta ɗora wa mai mota a kowane haɗari, a ce 50,000. Aka tura masa 900,000, ya sa hannu a takardar sallama wadda ke cewa an biya shi cikakken haƙƙinsa a kan wannan haɗari.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Bakanike ya kwance gaban motar, sai ya tarar ƙarfen shasi na gefen hagu, wanda injin da ƙafar mota ke zaune a kansa, ya ɗan goce. Ba a ganin wannan daga waje, saboda haka ba ya cikin ƙiyasi. Da an gano shi kafin sa hannu, da sai a tsayar da aiki a kira injiniya ya dawo ya amince da ƙarin kuɗi. Tunda an riga an sallami juna, sake buɗe maganar sai da roƙo. Bakanike yana jin kunyar ya ce wa tsohon abokin cinikinsa ya ƙaro kuɗi, sai ya kawo wutar walda ya gasa ƙarfen ya buge shi da guduma har ya yi kama da daidai a ido. Ƙarfen gaban motocin zamani an ƙera shi ne ya murƙushe a tsare ya shanye ƙarfin karo, kuma gasa shi da wuta yana rage masa wannan ƙarfi. Bayan haka, ido ba ya auna milimita. Wata uku sai tayar gaba ta hagu ta cinye ta ciki, sitiyari ya ƙi zama a tsakiya, an je an yi alaimen sau da yawa ba ya riƙewa. Mai mota ya koma kamfani, aka nuna masa sa hannunsa. Abin da ya rage masa shi ne bakaniken, wanda ba su rubuta komai da shi ba.

Ba wai babu doka a gefensa ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a sashe na 130 wanda aka yi wa aiki yana da haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, da ingancin da mutum mai hankali zai sa rai, da kayan da ba su da aibi. Idan aka gaza, yana iya neman a gyara aibin ko a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa. Wannan ya hau kan babban gareji da mai gyara na bakin titi baki ɗaya. Sai dai haƙƙi yana buƙatar shaida, kuma yana buƙatar wanda ke da abin biya. Mutumin da jarinsa akwatin sifana ne da janareta ba zai iya saya maka sabon shasi ba ko da an yanke masa hukunci. Abin da ya fi yin aiki a irin wannan hali shi ne kai ƙara wurin shugabannin garejin ko ƙungiyar makanikai ta NATA, su sa shi ya sake aikin, kai kuma ka ƙara sayen kaya.

Yanzu a mayar da motar nan baya, a ce garejin kamfani aka kai ta, da umarnin kamfani a rubuce. Da aka kwance aka ga shasin, garejin ne zai rubuta wa kamfani neman ƙarin kuɗi, ba ruwan mai mota. Shi 50,000 ɗinsa kawai zai biya ranar karɓa. Kada a ɗauka wannan hanya ba ta da nata aibin. Garejin da ke cin abinci a hannun kamfani ya san wanda zai turo masa mota ta gaba, kuma an riga an matse masa farashi. Yana iya sa fitilar kwaikwayo inda ta asali ta fashe, ko ya cika bonet da foti maimakon ya buge shi sosai. Motoci sukan yi layi a wurinsa, taka ta shafe makonni. Kuma garejojin nan sun fi yawa a Legas da Abuja. Mutumin Gusau ko Azare yana iya ganin cewa kai motar can ma wani aiki ne, don haka ya tambaya tun farko wa zai biya kuɗin ja, domin yarjejeniya takan sa masa iyaka.

Bambancin yana fitowa ne ranar da abu ya ɓaci. A ce garejin ya sa tsohon lagireto mai tsatsa, bayan kwana goma ya fashe a hanyar Zariya, injin ya ɗauki zafi kan silinda ya lanƙwashe. Amsar farko da za a ba mai mota kusan a san ta: inshora ba ta biyan lalacewar inji, haɗari take biya. Hakan yana cikin yarjejeniya, amma ba wurinsa ba ne nan. Mai motar ba sabuwar diyya yake nema ba. Cewa yake alkawarin gyaran farko ba a cika shi ba, kuma wannan ɓarna daga can ta samo asali. Don hujjarsa ta tsaya, yana buƙatar abu biyu. Na ɗaya, ya nuna ya tsaya da zarar allurar zafi ta hau, domin wanda ya ga ja ya ci gaba da tafiya za a ɗora masa kason ɓarnar. Na biyu, kada ya bar wani bakanike ya taɓa motar kafin kamfani ya gani. Da wani hannu ya shiga, garejin zai ce ba aikinsa ba ne ya lalace, kuma raba gardamar ta yi wuya.

Akwai wata takarda da garejin ke miƙowa ranar karɓar mota, ta shaidar gamsuwa, wadda da ita yake zuwa ya karɓi kuɗinsa a kamfani. Ita ce makaminka na ƙarshe, kuma abin takaici ne yadda ake sa mata hannu a tsaye, da magariba, ana ɗokin tafiya gida. Ka je da rana. Fito da motar fili ka dubi fentin daga gefe, ka gwada launin sabon wuri da na ƙofar da ba a taɓa ba. Launin azurfa da fari mai ƙyalli su suka fi tona asiri. Ka bi tazarar da ke tsakanin bonet da fenda da yatsa, dama da hagu, ka ji ko ɗaya ce. Ƙaramin maganaɗisu da aka naɗe a ƙyalle yana kama ƙarfe, amma yana sakin inda aka lafta foti mai kauri. Sannan ka hau titi mai kyau ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki, ka kunna na'urar sanyi, ka bar injin ya yi zafi ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Abu ɗaya ya fi waɗannan duka, saboda rai ne a ciki. Idan jakar iska ta fashe a haɗarin, ka murɗa mabuɗi ba tare da ka tayar da injin ba ka dubi fitilarta a gaban direba. Daidai shi ne ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. Idan ta tsaya a kunne, akwai matsala. Idan kuwa ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ta ko an toshe ta don a ɓoye cewa babu jaka a cikin sitiyarin. Akwai ma masu saka ɗan ƙaramin abin lantarki da ke ruɗar kwamfutar mota ta zaci jakar tana nan, saboda haka ka nemi rasitin sayenta, kuma a jona na'urar bincike a gabanka. Duk abin da ka gani bai yi ba, rubuta shi a jikin takardar gamsuwar kafin ka sa hannu, ka ɗauki hotonta. In abin babba ne, ka bar motar a wurin ka kira kamfani. Sa hannu ba ya kashe haƙƙinka a kan aibin da ke ɓoye, amma yana wahalar da magana a kan wanda ido zai iya gani.

To wanne ya fi? Ni a ganina nau'in ɓarnar ne ya kamata ya yanke. Idan karo ya taɓa shasi, ƙafar mota, jakar iska ko na'urorin lantarki, ko motar sabuwa ce da garantin kamfanin da ya sayar da ita bai ƙare ba, ko ta bashin banki ce, garejin kamfani da umarni a rubuce ya fi aminci, domin aibin irin wannan aiki a makare yake fitowa kuma da tsada, kana buƙatar mai aljihun da zai iya ɗauka. Idan kuwa ƙofa ce ta loɓa ko bamba ta tsage a tsohuwar mota, kuma kana da mai bugun bodi da ka ga aikinsa a Panteka ko Apo, karɓar kuɗi ba laifi ba ne, wataƙila ma ya fi sauri da kyau. Sai dai ka roƙi injiniyan kamfani ya yarda a kwance wurin a gabansa kafin a tsayar da adadi, kuma kada ka sa hannu a takardar sallama sai an ga ciki. Da bakaniken kuma ku rubuta, ko a takardar littafin makaranta ce: kayan da za a sa, sababbi ne ko na Beljiyam, kuɗin aiki, ranar gamawa, da watannin da ya ɗauki alhakin aikinsa. Ka riƙe wani kaso na kuɗin sai ka gwada motar, kuma ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire.

Wanda wani ne ya buge shi, kuma inshorar wancan ce za ta biya, ya san cewa shi ba shi da yarjejeniya da wannan kamfani. Galibi kuɗi za a ba shi, cikin iyakar miliyan 3 ɗin nan idan motar gida ce ta buge shi, shi ya nemi mai gyara. Matsayinsa ɗaya da na wanda ya zaɓi bakanikensa, kuma abin da ya haura iyakar sai ya bi direban da kansa.

Idan garejin kamfani ne ya ɓata aiki, kada a ɓata lokaci ana cacar baki da manajan garejin. A rubuta wa sashen biyan diyya na kamfanin, da lambar fayil, da hotuna, da kwanan watan da aka karɓi motar da wanda aibin ya bayyana, a nemi su turo injiniya ya sake dubawa. Wanda ya sayi inshorarsa ta hannun dillali mai rajista ya sa shi a gaba, domin bin irin wannan magana yana cikin aikinsa. Idan injiniyan kamfani ya ce aiki ya yi, a samo rahoton wani injiniyan mota mai zaman kansa, da takardar awon alaimen ko sakamakon na'urar bincike, saboda gardama tsakanin bakin mai mota da rahoton injiniya ba ta ƙarewa da daɗi. Idan aka kai nan kamfani bai motsa ba, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafin masu inshora, kuma abin da za su fara tambaya shi ne kwafin wasiƙar da aka rubuta wa kamfanin da amsar da ya bayar.